MID da FIND, Flash Fill ko TEXTAFTER: wanne ya fi dacewa wajen ciro lambar kaya daga cikin baka biyu?

Ni ke riƙe lissafin wani shagon taki da iri da maganin feshi a cikin garin Gombe, muna kuma da ƙaramin reshe a Kumo. Duk farkon wata dilan da muke sarin kaya a wurinsa yakan turo mana jerin kayansa a fayil ɗin Excel, layi ɗari shida da 'yan kai. Matsalar ita ce sunan kaya da lambarsa a gida ɗaya suke zuwa, lambar tana cikin baka biyu a ƙarshen suna, kamar haka:

```
Takin Yuriya (TK-204)
Irin masara (IR-31)
Famfon feshi (00457)
```

Mu kuma da lambar muke neman farashi a namu littafin, ba da suna ba, don suna yana sauyawa daga hannu zuwa hannu amma lamba ba ta sauyawa. Dole ke nan a raba lambar ta zauna a nata gidan ita kaɗai. Ɗan ƙanwata da ke taya ni aiki ya tambaye ni wata safiya: "Kawu, me ya sa kake wahalar da kanka da wannan doguwar fomula, bayan Ctrl+E na yin aikin nan a cikin ƙiftawar ido?" Flash Fill yake nufi. Tambayarsa tana kan hanya, kuma amsarta ba "fomula ta fi" ba ce kawai. Hanyoyi uku ne mutum zai tsaya a kansu, kowace da inda take da ƙarfi da inda take yin ɓarna ba tare da ta faɗa maka ba. Abin da ke raba gardama tambayoyi biyu ne: jerin nan zai sake sauyawa ko sau ɗaya za a yi aikin a gama, kuma a kwamfutar wa za a buɗe fayil ɗin bayan ya bar hannunka.

MID da FIND: yadda lissafin yake tafiya

Da wannan zan fara, kuma a kanta zan fi daɗewa, don wanda ya gane ta zai gane abin da sauran suke ɓoye masa.

FIND ba ta ciro komai. Ƙirga kawai take yi: ka ba ta harafi, ta faɗa maka na nawa ne a cikin rubutun, daga hagu, tana haɗawa da sararin da ke tsakanin kalmomi. MID kuma ita ce wuƙar. Tana son abu uku: gidan da za ta yanka, harafi na nawa za ta fara, da kuma haruffa nawa za ta ɗauko. Duk aikin shi ne FIND ta auna, MID ta yanka.

Mu ɗauki layin farko, a ce yana gidan A2. A ƙirga da yatsa: Takin haruffa biyar ne, sarari na shida, Yuriya ta ci daga na 7 zuwa na 12, sarari na 13, bakan buɗewa na 14. Lambar kanta, TK-204, ta fara daga na 15 ta ƙare a na 20, bakan rufewa kuma na 21. Idan ka rubuta waɗannan biyun a gidaje daban, na farko zai ba ka 14, na biyu 21:

```
=FIND("(",A2)
=FIND(")",A2)
```

Ba ma son bakan buɗewa ya biyo lambar, don haka yanka zai fara daga 14 da ɗaya, wato 15. Tsawon abin da za a ɗauko kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin bakunan biyu: 21 a cire 14 saura 7, a sake cire ɗaya don bakan rufewa kada ya shigo, saura 6. Ƙirga TK-204, haruffa shida ne cif, har da karan ɗorin da ke tsakiya. In an haɗa su wuri ɗaya:

```
=MID(A2,FIND("(",A2)+1,FIND(")",A2)-FIND("(",A2)-1)
```

Kyawun wannan shi ne ba ta damu da tsawon suna ko tsawon lamba ba. A layi na biyu, na irin masara, bakan buɗewa na 13 ne, na rufewa na 19, 19 a cire 13 a cire ɗaya saura 5, sai ga IR-31. Ka ja fomular zuwa ƙasa, kowane layi ya auna kansa da kansa.

Ƙarin ɗayan nan da ragin ɗayan nan su ne inda mai koyo ya fi tuntuɓe, kuma sakamakon da kansa yake nuna maka wanne ka manta. In ka ga `(TK-20`, baka ya shigo a gaba kuma harafin ƙarshe ya ɓace, to `+1` ka bari. In ka ga `TK-204)`, to `-1` ne babu. Akwai kuma wanda yake ba MID matsayin bakan rufewa kai tsaye a matsayin tsawo, wato ya ce ta ɗauko haruffa 21. MID ba za ta yi ƙorafi ba, za ta kwaso duk abin da ya rage har ƙarshen rubutun, da baka da duk abin da ke bayansa. Abu na uku da MID take so tsawo ne, ba wurin tsayawa ba ne. Wannan shi ne abin da na fi maimaita wa duk wanda na koya wa.

Wasu kan tambaya ko SEARCH ta fi FIND. A wannan aikin duk ɗaya ne. Bambancinsu shi ne FIND tana rarrabe babban baƙi da ƙarami, SEARCH ba ta rarrabewa kuma tana ɗaukar `*` da `?` a matsayin "kowane harafi". Baka ba shi da babba ko ƙarami, don haka ka riƙe wadda hannunka ya saba da ita. In lambar tana cikin `[` da `]` ne, sai ka sauya alamomin da ke cikin fomular kawai.

Inda take karyewa, da yadda za ka gane

Jerin da mutum ya buga da hannu ba ya zuwa da tsabta. Cikin layi ɗari shidan nan akwai nau'i huɗu da suke ba ni aiki, kuma ba duka suke da haɗari iri ɗaya ba.

Mafi sauƙi shi ne layin da babu baka sam. FIND ta nema ba ta samu ba, sai gidan ya nuna `#VALUE!`. Mutane da yawa na ganin wannan sai su lulluɓe fomular da IFERROR, wadda take cikin Excel tun na 2007, su ce in an samu kuskure a bar gidan fayau. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Gidan da ba komai a ciki ido yana wuce shi, kuma kayan da ke wannan layin za su fita ba farashi. Gara ya yi magana:

```
=IFERROR(MID(A2,FIND("(",A2)+1,FIND(")",A2)-FIND("(",A2)-1),"DUBA")
```

Daga nan sai in tace kolam ɗin da Filter, in fito da duk mai DUBA, in bi su ɗaya bayan ɗaya. Yawanci ba sa wuce goma, kuma sau da yawa bakan rufewa ne aka manta.

Na biyu shi ne idan bakan rufewa ya riga na buɗewa zuwa. Yana faruwa idan wanda ya buga jerin ya sa wa layukan ƙidaya, kamar `1) Takin Yuriya (TK-204)`. A nan FIND za ta tsaya a bakan rufewa na farko da ta gani, wanda yake na 2, bakan buɗewa kuma ya koma na 17. Biyu a cire 17 a cire ɗaya ya ba da 16 ƙasa da sifili, MID kuwa ba ta karɓar tsawon da ya gaza sifili, sai `#VALUE!` kuma. Maganinsa yana cikin FIND ɗin kanta. Tana da gurbi na uku da mutane ba su cika amfani da shi ba, inda kake faɗa mata daga harafi na nawa za ta fara nema. Ka ce mata ta nemi bakan rufewa daga inda na buɗewa yake:

```
=MID(A2,FIND("(",A2)+1,FIND(")",A2,FIND("(",A2))-FIND("(",A2)-1)
```

Yanzu za ta tsallake na 2 ta samu na 24, 24 a cire 17 a cire ɗaya saura shida. Ni wannan sigar nake rubutawa tun daga farko ko da jerin ba shi da ƙidaya, don ba ta rage komai a layin da yake lafiya.

Na uku ne mai haɗari, domin ba ya nuna kuskure. Dubi wannan:

```
Maganin ciyawa (lita 1) (MG-077)
```

Baka biyu sau biyu. FIND a kullum na farko take kamawa, don haka ta ga buɗewa a 16, rufewa a 23, fomular ta ba ka `lita 1` hankali kwance. Babu `#VALUE!`, babu DUBA, gidan a cike yake kamar sauran. In kayanka irin namu ne, masu zuwa lita-lita da buhu-buhu, za ka sami irin wannan layin da dama. Kafin in amince da kowane sabon jeri, ina fara ƙirga bakunan buɗewa da ke kowane layi. Dabarar ita ce a auna tsawon rubutun, a goge bakunan a sake aunawa, bambancin shi ne yawansu. Wannan a B2 nake sa ta:

```
=LEN(A2)-LEN(SUBSTITUTE(A2,"(",""))
```

Layin da ya nuna 1 lafiya lau. Wanda ya nuna 0 babu lamba. Wanda ya nuna 2 ko fiye shi ne abin dubawa. Tunda a jerinmu lambar kullum tana cikin baka na ƙarshe, sai in yi amfani da wannan adadin in gano inda na ƙarshen yake. SUBSTITUTE tana yarda ka ce mata na nawa kaɗai za ta sauya, don haka sai in sa ta mayar da bakan ƙarshe wata alama da babu ita a rubutun, wato `|`, FIND kuma ta nemo alamar. Na sama a C2, na ƙasa a D2:

```
=FIND("|",SUBSTITUTE(A2,"(","|",B2))
=MID(A2,C2+1,FIND(")",A2,C2)-C2-1)
```

A layin maganin ciyawa B2 zai nuna 2, C2 zai nuna 25, bakan rufewa na bayansa na 32 ne, 32 a cire 25 a cire ɗaya saura shida, sai ga MG-077. A layin da ke da baka ɗaya ma haka take aiki, don na farkon shi ne na ƙarshe. Ana iya cusa ukun nan cikin fomula guda, amma ban ba da shawarar haka ba. Kolam uku a fili sun fi doguwar fomula ɗaya da ba mai iya karanta ta bayan wata shida, kuma ranar da wani abu ya lalace, kallo ɗaya za ka yi ka ga a wane mataki ne. In sun tsone maka ido, ka ɓoye B da C.

Na huɗu ƙarami ne amma yana cin lokaci: sarari a cikin baka, kamar `( TK-204 )`. Abin da MID za ta ciro a ido daidai yake, amma VLOOKUP, fomular da ke nemo farashi da lambar, za ta ce `#N/A`, don a wurinta lamba mai sarari a gaba da baya wata lamba ce daban. LEN ce ke tona asirin: ta nuna 8 a inda ya kamata ta nuna 6. Ka naɗe MID ɗin cikin TRIM, wadda ke share sararin gaba da baya, shi ke nan. In TRIM ta yi aikinta amma LEN ba ta sauko ba, to wani irin sarari ne da ke biyo rubutun da aka kwafo daga intanet, wanda TRIM ba ta share shi. Shi sai an fara mayar da shi sarari na yau da kullum da `SUBSTITUTE(A2,CHAR(160)," ")` tukuna.

Saura abu ɗaya game da MID wanda shi ne ƙarfinta kuma shi ne tarkonta. Duk abin da ta ciro rubutu ne, ko da kuwa alƙaluma ne zalla. Famfon feshi zai fito da 00457 da sifilansa biyu a gaba, ba abin da ya taɓa su, kuma za ka ga ya jingina a hagun gida kamar yadda rubutu ke yi, ba a dama ba kamar adadi. Wannan alheri ne in littafin farashinka ma a rubutu ya ajiye lambobin. In kuwa a can adadi ne, 457 da aka yi wa ado ya riƙa nuna sifilai, VLOOKUP ba za ta haɗa su ba, `#N/A` za ka gani ko da idonka na ganin abu ɗaya. Ka gwada gida ɗaya daga kowane ɓangare da ISTEXT ka ga ko amsarsu ta zo ɗaya. VALUE tana mayar da rubutun adadi, amma sifilan za su tafi, kuma a kan lamba mai haruffa irin TK-204 kuskure za ta ba ka. A jeri mai gauraye irin namu, gyara littafin farashin ya koma rubutu gaba ɗaya shi ya fi zama lafiya.

Flash Fill

Yanzu ga abin da ɗan ƙanwata yake so. Flash Fill ta shigo ne da Excel 2013. Ka buga TK-204 da hannu a B2, ka sauka B3, ka danna Ctrl+E, Excel ta dubi misalinka ta hasaso abin da kake nufi ta cika sauran. Ba fomula, ba ƙirga haruffa. In aka turo maka jeri sau ɗaya, za ka raba lambobin ka buga a takarda ka rufe fayil ɗin har abada, ba na ganin dalilin da zai sa ka rubuta MID. Yi amfani da ita ka huta.

Sai dai abu biyu ne suka hana ni ɗora lissafin shago a kanta. Na farko, hasashe take yi daga misalin da ka ba ta, kuma ba ta nuna maka ƙa'idar da ta bi. A layi mai baka biyu sau biyu, ko wanda ba shi da baka, tana iya cika gidan da abin da ba shi ba, ko ta bar shi, kuma ba fomular da za ka buɗe ka ga dalili. Ƙarin misali biyu ko uku daga layukan da suka bambanta yana gyara hasashen, amma sai ka riga ka san layukan. Haka nan in misalinka na farko 00457 ne, sai ka fara mayar da kolam ɗin Text, in ba haka ba kana bugawa Excel za ta cinye sifilan.

Na biyu shi ne babba: abin da ta cika ya daskare a nan. Ba shi da wata igiya da ta ɗaure shi da kolam A. Wannan ya taɓa ci mana kuɗi. A wata damina, lokacin da manoma ke layi a bakin shago, sabon jerin wata ya iso, aka manna shi a kan tsohon a kolam A. Dilan ya ƙara kaya uku a tsakiyar jerin, don haka duk abin da ke ƙasansu ya gangara da layi uku. Lambobin da ke kolam B kuwa, da Flash Fill aka yi su a watan baya, suna nan inda suke. Sunan wani kaya, lambar wani, farashin wani. Allon bai nuna ja ko kuskure ko ɗaya ba. Wani tsohon manomi daga wajen Dadin Kowa, wanda ya san kuɗin maganinsa kamar yunwar cikinsa, shi ya riƙe rasit ɗin a hannu ya ce, "Malam, wannan ba kuɗin lita ɗaya ba ne, ku sake dubawa." Kafin nan an riga an sallami mutane da dama a kan farashin da ba daidai ba. Da fomula ce a kolam B, ana manna sabon jeri kowace lamba za ta bi sunanta nan take.

Akwai 'yar'uwarta a wannan hali, Text to Columns da ke ƙarƙashin Data. Ita ma sau ɗaya take aiki ta daskare. Gurbin Other ɗinta harafi ɗaya yake karɓa, don haka sai ka yi sau biyu, na farko da bakan buɗewa, na biyu da na rufewa. Tana zuba abin da ta raba a kolam ɗin da ke dama, in akwai wani abu a can ta nemi ta rubuta a kansa. Sannan in ka bar ta a General a mataki na ƙarshe, 00457 zai koma 457, lamba irin 3-12 kuma tana iya rikiɗewa ta zama kwanan wata. Ban ga abin da take yi a wannan aikin da Flash Fill ba ta fi ta sauƙi a kai ba.

TEXTAFTER da TEXTBEFORE

Waɗannan su ne sababbi, a 2022 suka fito. Gaskiya ita ce sun fi MID da FIND daɗin rubutu da daɗin karatu, nesa ba kusa ba. Ka ce a ba ka abin da ke bayan bakan buɗewa, sannan daga cikinsa a ba ka abin da ke gaban bakan rufewa:

```
=TEXTBEFORE(TEXTAFTER(A2,"(",-1),")")
```

Babu ƙarin ɗaya, babu ragin ɗaya. `-1` da ke ciki ba ragi ba ne, cewa yake a ƙirgo daga ƙarshen rubutu, wato a kama bakan buɗewa na ƙarshe. Abin da ya ci mana kolam uku ɗazu, a nan layi ɗaya ne gajere, kuma ya warware matsalar `lita 1` da ta ƙidayar `1)` gaba ɗaya. Fomula ce mai rai, tana bin kolam A duk sanda ya sauya, kuma rubutu take ba da wa, sifilai ba sa ɓacewa. In babu baka, `#N/A` take nunawa maimakon `#VALUE!`, IFERROR kuma tana kama ta haka nan. Sarari a cikin baka har yanzu sai da TRIM.

To me ya hana ni komawa kanta? Kwamfutar reshenmu na Kumo. Waɗannan biyun suna cikin Microsoft 365 da Excel 2024, babu su a Excel 2016, babu a 2019, babu a 2021. A Kumo 2016 ce, kuma irinta ce za ka tarar a yawancin shagunan buga takardu da nakan shiga. Yadda abin yake ɓaci ma yana da yaudara. Ana buɗe fayil ɗin a tsohuwar Excel, lambobin da aka lissafa a kwamfutarka suna nan a allo kamar komai lafiya. Ranar da aka taɓa kolam A, fomular ta nemi sake lissafi, sai gidan ya koma `#NAME?`, in ka leƙa cikinta ka ga an maƙala `_xlfn.` a gaban sunayen. Wanda ke can ba abin da zai iya yi, don Excel ɗinsa ba ta san kalmomin ba.

Gwajin da zai faɗa maka gaskiya bai kai minti ɗaya ba: a kwamfutar da ta fi tsufa cikin waɗanda za su buɗe fayil ɗin, ka shiga gida ka fara buga `=TEXTA`. In sunan ya faɗo a jerin da Excel ke nunawa, akwai ta. In bai faɗo ba, ka koma kan MID da FIND. Mafi tsufar kwamfutocin ce ke yanke hukunci, ba taka ba. In kai kaɗai ke aiki da fayil ɗin kuma kana da 365, TEXTAFTER ita ce zaɓina a gare ka ba tare da shakka ba. In kuma sakamakon kawai za ka tura wa wani, ba zai sauya komai ba, ka yi da TEXTAFTER a wurinka, ka kwafi kolam ɗin ka manna shi da Paste Special, Values, ka tura. Amma ka sani daga wannan lokacin ya daskare kamar na Flash Fill.

MID da FIND kuwa duk inda aka kai su suna aiki: tsohuwar Excel, sabuwa, Google Sheets, LibreOffice, WPS da ke cikin wayoyin mutane da yawa. Fayil ɗinmu yana tashi daga Gombe zuwa Kumo ta WhatsApp, wani lokaci Alhaji mai shagon ya buɗe shi a wayarsa yana hanya, kuma kowane wata jerin sabo ne. Shi ya sa na zauna a kan kolam ukun nan.

Da na gama yi wa ɗan ƙanwata bayani, sai ya ce in turo masa fomular ta waya ya gwada a tasa kwamfutar. Can da yamma ya kira: "Kawu, ta ƙi shiga, Excel na cewa akwai matsala a fomular." Abu biyu ne ke jawo haka idan an kwafo fomula daga saƙo. Ko dai alamomin zancen da ke kewaye da baka sun lanƙwashe a hanya, kamar yadda Word da wasu wayoyi ke mayar da su, Excel kuwa miƙaƙƙu kaɗai ta sani. Ko kuma kwamfutar an saita ta a tsarin ƙasar da ke raba gurabun fomula da `;` maimakon `,`. Na ce masa ya fara buga `=MID(` ya dubi ɗan rubutun da ke fitowa a ƙasan gidan, ya ga wace alama ce tsakanin gurabun. Waƙafi ne, don haka ba nan matsalar take ba. Ya goge alamomin zancen ya sake buga su da hannu, TK-204 ta fito. Ya ja kolam ukun har layi na ƙarshe, ya tace kolam B mai ƙirga baka, ya sami layi goma sha ɗaya masu baka biyu sau biyu da guda huɗu marasa lamba, waɗanda muka tura wa dilan washegari ya cike mana.